Jan Biro a Kan Fassara: Inda Lokaci da Kalma Suke Kuɓuce wa Ɗalibi

A cikin tarin takardun darasin fassara, ba ta ɗalibin da bai iya Turanci ba ce take ba mai dubawa wahala. Wannan tun layin farko an san inda aka dosa. Mai wahalar ita ce ta ɗalibin da ya zauna ya bi kalmomin Hausar ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, ya samo wa kowace abokiyarta a Turanci, amma da ka karanta abin da ya fito sai ka rasa ko labarin bara ake ba ka ko na yau da safe. Irin wannan takarda ba a duba ta da karatu ɗaya. Sau biyu ake bin ta, a bi aikatau da lokutansu tukuna, sannan a dawo a bi kalmomi. Wanda ya haɗa biyun a tafiya ɗaya idonsa yakan tafi ga kalma mai ban dariya, ya bar kuskuren lokaci yana kwance a gefenta.

Ga wani ɗan sakin layi irin wanda ake bai wa 'yan babbar sakandare ko 'yan shekarar farko a kwalejin ilimi:

"Bara, da damina ta yi nisa, kawuna ya tafi gona da sassafe. Yana cikin noma sai ya ga hadari ya haɗu. Kafin ya iso gida ruwa ya sauko, ya yi masa duka. Da ya shiga gida ya tarar matarsa ta riga ta dama kunu, yara suna sha. Ya ce musu gobe zai je kasuwa ya sayo taki idan ya sami bashi. A da yakan ranci kuɗi wurin ƙanensa, amma yanzu ƙanen ya koma Kano, shekara uku ke nan yana aiki a can."

Ga kuma irin abin da yake dawowa a takarda:

*Last year when the rainy season went far, my uncle go to farm early in the morning. He is farming when he saw accident has gathered. Before he reach home the water came down and beat him. When he entered the house he met his wife has already mixed gruel, the children are drinking. He told them tomorrow he will go to market and buy manure if he get debt. Before he use to lend money from his junior brother, but now the brother has returned to Kano, he is working there since three years.*

Kafin a taɓa biro, tambaya ɗaya ake yi wa Hausar, ba Turancin ba: ina aka kafa lokacin labarin? A nan kalmar farko ce, "bara". Bahaushe da ya faɗi wannan kalma ya gama da maganar yaushe. Daga nan aikatau ɗinsa ba sa sake ɗaukar wannan nauyi. Abin da suke faɗa shi ne ko aikin ya kammala, ko yana kan gudana, ko bai fara ba, ko kuwa abu ne da aka saba yi. Shi ya sa "yana noma" yake zama daram a cikin "jiya yana noma", da "yanzu yana noma", da "gobe war haka yana noma", ba tare da an canza masa ko wasali ba. Turanci bai yarda da wannan sauƙi ba. Kowane aikatau sai ya sake nuna lokacinsa da kansa, ko da an ambaci bara sau goma a sama.

Sunayen da muka koya a aji su ma suna da hannu a ruɗin. An ce mana "yana" lokaci mai ci ne, "ya" shuɗaɗɗen lokaci, "zai" lokaci mai zuwa. Ɗalibi ya haddace, ya ɗauka kowanne yana da takwaransa guda a Turanci: *is* ga na farko, *has* ko wucewa ga na biyu, *will* ga na uku. Duba takardar nan da kyau za ka ga da wannan jadawali ya yi aiki, kuma bai kauce masa ba. *Is farming*, *are drinking*, *will go*: duka ukun biyayya ce ga abin da aka koya masa. Mai ci ne, gaskiya, amma a bara yake ci. Saboda haka *was* da *were* ake nema, kuma "zai je" da aka faɗa bara ya zama *would go*.

Inda aikin ya fi daɗin zama a kansa shi ne 'yar kalmar nan "ya". Ta fito sau goma sha biyu a sakin layin, kuma ba abu ɗaya ba ce. A baki muna rarrabe su ba tare da tunani ba, domin wata doguwa ce, wata gajera, wata da sauti sama, wata ƙasa. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka duk suka fito da fuska ɗaya. Dabarar da ba ta buƙatar littafin nahawu ita ce a mayar da jimlar jam'i. Tilo yana ɓoye bambancin, jam'i yana tona shi: ko dai "sun", ko "suka", ko "su".

A gwada da jimla ta biyu. "Sai ya ga hadari ya haɗu" in an mayar jam'i ta zama "sai suka ga gizagizai sun haɗu". To, ga shi a fili. "Ya" ta farko "suka" ce, ta biyu kuma "sun". A cikin labari "suka" ce take jan zare gaba, wannan ya faru, sai wannan ya biyo, kuma Turancinta shuɗaɗɗen lokaci ne tsura: *saw*, *entered*, *found*. Amma "sun" da ta faɗo a tsakiyar jerin "suka" baya take komawa. Tana cewa abin ya riga ya auku kafin a gan shi. Kawu bai tsaya kallon hadari yana haɗuwa ba. Ɗaga kai ya yi ya gan shi a haɗe. Wannan komawa baya ita ce aikin *had* a Turanci. Ɗalibin ya ji a jikinsa cewa akwai wani abu a wurin, shi ya sa ya kawo *has*, sai dai *has* daga yau take auna baya, mu kuwa daga bara muke aunawa. Haka abin yake ga kunun: "suka tarar mata sun riga sun dama". Nan ma *had already* ake so.

Wannan ƙa'ida tana da iyaka, kuma gara a faɗa wa ɗalibi iyakar tun da wuri kafin ya bi takarda yana yayyafa *had* ko'ina. "Sun" ba kullum take zama *had* ba. In aka tambaye ka ina yara, ka ce "sun tafi", *they have gone* ne. In ka ce "sun tafi jiya", sai *they went yesterday*, domin Turanci ba ya haɗa *have gone* da ranar da aka ambata ta wuce. In ka ce wa abokinka "kafin ka dawo sun tafi", magana ce ta gaba, *will have gone*. Akwai ma aikatau da siffarsu ta kammala ce amma ma'anarsu ta yanzu: "na sani", "na gaji", "na yarda", "ya isa". Ɗalibin da ya fassara "na gaji" da *I was tired* alhali mai maganar yana nan zaune yana haki, jadawalin nan ne ya sake ja masa.

Sai "ya" ta uku, wadda jam'inta "su" ne. "Kafin ya iso" ta zama "kafin su iso". "Zai je kasuwa ya sayo" ta zama "za su je kasuwa su sayo". Wannan ba ta da lokacin kanta ko kaɗan, na maƙwabcinta take ara. A "ya sayo" ta jingina da "zai je", don haka *buy* ya shiga ƙarƙashin inuwar *would* ya zauna lafiya, kuma ɗalibin bai yi kuskure a nan ba. A "kafin ya iso" kuwa babu wanda za ta jingina da shi a Turanci, dole a ba ta lokacin labarin, a ce *reached*. Abin lura shi ne wannan ɗalibi ya rubuta *saw* da *came* da *told* daidai, waɗanda duk sun fi *reached* wuya. Ashe ba rashin sanin ƙarin *-ed* ba ne ya sa ya bar *reach* tsirara. Hausar ce ba ta nuna masa lokaci a wurin ba, shi ma bai sa ba. Mai dubawa da ya gane haka ya san abin da zai rubuta a gefen takarda, maimakon ya ja layi kawai ya wuce.

Jimlar da kawu ya yi magana tana da tarko biyu. Hausa tana ruwaito magana ba tare da ta taɓa lokacinta ba: ya ce "gobe zan je", mu ce "ya ce gobe zai je", wakilin suna kawai muka juya. Turanci yana jan komai baya taki ɗaya, har da kalmar "gobe" kanta. Goben bara ta daɗe da wucewa, don haka *tomorrow* ba ta da wurin zama, sai *the next day*. Wannan kuskuren lokaci ne duk da ba a jikin aikatau yake ba, kuma masu dubawa da yawa sukan tsallake shi domin aikatau kaɗai suke farauta. Tarko na biyu "idan ya sami". Jam'inta "idan sun sami", siffar kammala, amma bashin bai zo hannu ba. Da kawu ne yake magana da bakinsa, *if I get* zai ce. Da yake ruwaitowa ake yi, ta koma *if he got*.

*Use to* ba ya buƙatar dogon bayani. Kunne ne ya rubuta shi, domin a furuci ba a jin harafin ƙarshe na *used* in *to* ta biyo. Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne *used to* na abin da aka daina ne kawai. Ya dace a nan saboda "a da". "Yakan je kasuwa ran Laraba", in har yanzu yana zuwa, *he goes* ne ko *he usually goes*.

In an gama wannan zagaye, kada a ƙirga jan layi a ce kurakuran lokaci goma sha wani abu. A tara su gida-gida. *Is*, *are*, *will*, *tomorrow* da *has* guda biyu na tsakiya duk cuta ɗaya ce, rashin jan labari zuwa bara. *Reach* da *get* wata ce daban, wuraren da Hausa ba ta nuna lokaci a fili ba. *Go* na layin farko da *use* sakaci ne. A ganina zalunci ne a yanke wa ɗalibi maki shida a kan rashin fahimta guda, kuma ba ya koya masa komai. Gara a yanke mai nauyi sau ɗaya, a rubuta masa dalilin a jimla biyu.

Yanzu sai kalmomi. A nan ma daga Hausar ake farawa, domin wani kuskuren tun a karatu aka yi shi. *Accident has gathered* ba matsalar Turanci ba ce. Ɗalibin ya ga "hadari" ya karanta "haɗari". Ƙugiya ɗaya ce tsakaninsu, kuma da yake an saba ganin rubutun waya da na allunan talla babu ƙugiya, ido ya koyi cusa ta inda babu ita. Kafin a hukunta shi, a duba takardar tambayar da aka raba. In injin da ya buga ta ba ya fitar da ɗ da ƙ da ɓ, to rabin laifin na wanda ya buga ne. Sauran rabin nasa ne, domin mutum yana tsakiyar gona da damina, me zai haɗu a sama in ba hadarin ruwa ba? *Storm clouds* ake nema.

Mafi yawan sauran daga ma'anar farko ta ƙamus suke. "Ruwa" *water* ne, amma wanda ya sauko daga sama *rain* ne. "Taki" yana iya zama *manure*, sai dai wanda ake neman bashi a je kasuwa a sayo a buhu takin zamani ne, *fertiliser*. "Noma" a bakin ɗan birni duk aikin gona ne, a bakin manomi kuwa in damina ta yi nisa cire ciyawa ne da fartanya, noman fari ko maimai, don haka *weeding* ko *hoeing* ya fi kusa. *Farming* sana'a ce, ba abin da ake tsakiyar yi da hantsi ba. "Koma" ita ma fuska biyu gare ta: wanda ya fito daga Kano ya koma, *returned*, wanda ya tattara ya bar ƙauye ya koma Kano da zama, *moved*. Babu abin da ya nuna ƙanen daga can ya zo, saboda haka ta biyun ta fi. Ƙamusun ba su yi ƙarya ba. Na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da na Paul Newman na 2007 duk sukan jera wa kalma ma'anoni da misalai. Ɗalibi ne yake tsayawa a layin farko ya rufe littafi. Abin da ya kamata a saba masa shi ne in ya samo kalmar Turanci ya sake nemanta a ƙamusun Turanci zalla, irin na Oxford na masu koyo, ya ga da waɗanne kalmomi take tafiya. A nan zai ga ana *get a loan*, ana *be in debt*, amma ba wanda yake fatan ya *get debt*.

Maganar rance ta cancanci a ɗan tsaya, domin harsunan biyu ba wuri ɗaya suka yanka ba. Hausa ta damu da abin da za a mayar. In shi kansa abin zai dawo, kamar fartanya ko keke, aro ne. In madadinsa ne zai dawo, kamar kuɗi ko kwanon gero, rance ne. Wanda ya bayar da wanda ya karɓa kuwa saiwar kalma ɗaya suke amfani da ita, ƙarshenta kawai ke juyawa: "ya ranci kuɗi", "ya ranta masa kuɗi", "ya ari keke", "ya ara masa keke". Turanci bai kula da ko keke ne ko kuɗi ba. Abin da ya dame shi shi ne hannun da ya miƙa da wanda ya karɓa, *lend* da *borrow*. Ɗalibin da aka nuna wa haka sau ɗaya yakan daina cankar ɗaya daga cikin biyun da ka, ya koma duba ƙarshen aikatau na Hausar.

Akwai rukuni na uku da ya fi buƙatar hankali, wato abin da yake Turancin Nijeriya ne. *Rain beat him*, *he met his wife* da nufin ya tarar da ita, *junior brother*: duk wanda ya zauna a Kaduna ko Legas ya ji su a bakin masu digiri. Ba shirme ba ne, kuma Turancinmu yana samun karɓuwa. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, har da sunan Kannywood. Amma mai dubawa ya tambayi kansa wa aka yi wa fassarar. *Junior brother* kowa zai gane, a ja masa layi mai sauƙi a rubuta *younger* a sama. *Met his wife* kuwa yana iya sauya labari, domin baƙon da ya karanta zai ɗauka ranar suka fara haɗuwa. Wannan kuskure ne cikakke, *found* ake so. Ma'aunin shi ne ko ma'ana ta karkace, ba ko kalmar ta yi kama da ta Landan ba.

Kada kuma zafin gyara ya kai ga taɓa abin da yake daidai. "Sha" ta saba jefa ɗalibai a rami, domin magani da taba da wahala da iska duk shan su muke yi, Turanci kuwa kowanne da nasa aikatau. Amma kunu shan sa ake yi a harsunan biyu, don haka *drinking* ya zauna. *Gruel* ma ba laifi, ko da yake wanda ya bar kalmar "kunu" yadda take bai yi kuskure ba in masu karatun 'yan ƙasa ne. *Mixed* ce ta yi rauni, domin damun kunu ya wuce gauraya. *Made* ta wadatar.

Ga yadda sakin layin zai iya fitowa bayan zagaye biyun:

*Last year, well into the rainy season, my uncle went to his farm early one morning. He was weeding when he saw that storm clouds had gathered. Before he reached home the rain came down and drenched him. When he went in, he found that his wife had already made gruel and the children were drinking it. He told them he would go to the market the next day and buy fertiliser if he got a loan. He used to borrow money from his younger brother, but the brother has moved to Kano and has been working there for three years.*

Jimlar ƙarshe ita ce wadda malamai biyu za su iya saɓawa a kanta, kuma kowanne da hujjarsa. Abu biyu dai babu gardama a kansu. "Shekara uku ke nan yana aiki" aiki ne da ya faro daga baya yana ci gaba, kuma Turanci ba ya faɗar wannan da *is working*, sai da *been working*. Sannan *since* mafarin lokaci take bi, kamar a ce tun 2021, tsawon lokaci kuwa *for* ne. Gardamar tana kan "yanzu". Yanzun wa? In na mai ba da labari ne, wato yau da yake magana ƙanen yana Kano, to *has moved* da *has been working* daidai ne, kuma *has* ɗin da ɗalibin ya sa a nan ba abin ja wa layi ba ne, ko da yake an ja wa 'yan'uwansa biyu a sama. In kuwa yanzun kawu ne a wancan yini na bara, dalilin da ya sa yake neman bashi a wani wuri, to sai *had moved* da *had been working*. Hausar ta ɗauki duka biyun. Mai dubawa ya karɓi kowanne, da sharaɗin ɗalibi ya riƙe wanda ya zaɓa har ƙarshen jimla, kada ya fara da *had* ya ƙare da *has*. In kuma malami yana son amsa guda tak, sai ya gyara tambayar kafin ya raba ta, ya rubuta "amma a lokacin ƙanen ya koma Kano" ko "amma yau ƙanen yana Kano".